Darasi: Makin Takardar Canki-canka Daga Hoton Waya

Jega tana tsakanin Aliero da Maiyama. Wanda ya nufi Sakkwato ya bi ta Aliero, wanda ya nufi Koko da Yawuri ya bi ta Maiyama. Idan azuzuwan manya na garuruwan uku suka haɗa kai suka shirya jarrabawar gwaji iri ɗaya, ba lallai ba ne a ɗauki takardu a mota a kai wa mai makin. Malamin aji yana iya ɗaukar hoton kowace takardar amsa da wayarsa, ya tura wa wanda ke riƙe da jadawalin amsoshi. An huta da kuɗin mota da ɓata lokaci. Amma kuma mai makin ya rasa takarda a hannunsa, abin da ke gabansa hotonta ne kawai.

Yawancin layukan takardar ba su da wata matsala. Ɗalibi ya cike gurbi ɗaya da fensir, ya bar sauran fes. Wannan darasi a kan 'yan layukan nan ne da ke tsayar da mai makin: gurbin da aka cike rabi, da gurbin da aka goge amma bai gogu ba. Ƙa'idojin da za mu kawo na jarrabawar aji ne da ta gwaji, wadda ku da kanku za ku yi makinta. Hukumomi irin su WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999, suna da na'urorinsu da dokokinsu. JAMB kuwa ta fara gwada kwamfuta a 2013, ta kuma koma kanta gaba ɗaya a 2015. Duk da haka fensir da gurbi suna nan daram a makarantunmu.

Abu biyu ne, ba ɗaya ba

Kowace alamar fensir tana da siffa biyu. Akwai faɗinta, wato yawan wurin da ta rufe a cikin gurbi. Akwai kuma duhunta, wato yadda baƙinta ya kama. Wanda ya raba waɗannan biyu a idonsa ya gama rabin aikin.

Gurbin da aka cike rabi yana da duhu amma ba shi da faɗi. Ɗalibi ya danna fensir da niyya, sai dai sauri ya hana shi cikewa, ko kuma hannunsa bai saba ba. Wannan yana da yawa a ajin manya, inda mutum ya fara riƙe fensir bayan ya girma. Za ka ga layi biyu ko uku baƙi ƙirin a tsakiyar gurbi, gefe da gefe kuma fari.

Gurbin da aka goge akasin haka ne. Yana da faɗi amma ba shi da duhu. Kilina ba ta ɗauke baƙin fensir duka ba, ta shafe shi ne ta baza, sai wurin ya zama toka-toka. Sau da yawa tokar tana tsallake iyakar gurbin, ta ja wutsiya ta inda hannu ya bi da kilinar. Harafin da aka buga a cikin gurbin, A ko B, shi ma yakan kode idan an dirje shi da ƙarfi, musamman a takardar da aka yi fotokwafinta.

Ga dalilin da ya sa manhajar makin da ke cikin waya take ruɗewa a nan. Mu ƙaddara ma'auni daga 0 zuwa 100, inda 0 fari ne fes, 100 kuma baƙi ƙirin. Gurbin da rabinsa ke da duhu 80, rabinsa kuma 0, idan aka haɗa aka raba biyu zai ba da 40. Gurbin da aka goge, ya zama toka ko'ina da duhu 40, shi ma 40 zai bayar. Lamba ɗaya, amma na farko amsa ce, na biyu kuwa amsar da aka janye. Idan aka sa wa manhaja iyaka a 50, duka biyun za ta ce babu komai, ɗalibi ya yi asarar amsarsa. Idan aka sauke iyakar zuwa 30, duka biyun za ta karɓa, sai ta ga amsa biyu a layin da ɗalibi ya gyara kuskurensa. Babu inda za a ajiye iyakar nan ta raba su, domin bambancin yana cikin siffa ne. Shi ya sa idon mutum bai fita daga wannan aiki ba.

Matsalar ta girmi wayar hannu nesa. Na'urar makin da kamfanin IBM ya fitar a Amurka wajejen 1938, wadda ta samo asali daga ƙirƙirar wani malamin makaranta mai suna Reynold Johnson, ba ganin alama take yi ba. Lantarki take turawa ta cikin baƙin fensir, domin sinadarinsa yana ɗaukar lantarki. Daga baya aka koma na'urori masu auna haske. A duka biyun, ragowar fensirin da bai gogu ba yana iya shiga lissafi, kuma wannan ne asalin gargaɗin da ake bugawa a kan takardun jarrabawa cewa a goge sarai duk amsar da aka sauya.

Abin da hoto ke ƙarawa

Hoto yana da nasa laifin, wanda ba na ɗalibi ba ne. Na farko inuwa. Farar riga idan mai ita ya shiga zaure takan zama toka a ido, alhali rigar ba ta sauya ba. Haka takarda take idan inuwar hannu ko ta waya ta faɗa a kan ƙasanta: gurbin da ba a taɓa ba zai iya yin duhun da ya kai na gurbin da aka goge a sama. Saboda haka ba a gwada gurbin layi na 5 da na layi na 35. Kowane gurbi da maƙwabtansa na layi ɗaya ake gwada shi, domin haske ɗaya ne ya same su.

Na biyu ƙyalli, kuma shi ne ya fi yaudara. Baƙin fensir idan aka danna shi sosai yana sheƙi. Idan fitilar waya ta haska shi kai tsaye, ko rana ta doke shi, hasken yana dawowa cikin kyamara, sai gurbin da ya fi kowane cika ya fito fari-fari a hoto. Mai makin da bai san haka ba zai ɗauka gogewa aka yi.

Na uku matse hoto. WhatsApp yana rage nauyin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, kuma ƙananan bambance-bambancen toka su ne farkon ɓacewa. A tura shi ta zaɓin Document, zai isa yadda aka ɗauke shi. Haka kuma a guji zaɓin nan na manhajojin ɗaukar takarda mai mai da hoto baƙi da fari zalla. Yana sa rubutu ya fito da kyau, amma a wannan aiki ɓarna ce, domin duk wata toka sai ya yanke mata hukunci: ko ya mai da ita baƙa ko ya share ta. Shaidar da muke nema ke nan ya zubar.

Mai ɗaukar hoto ya shimfiɗa takarda a kan tebur kusa da taga ko a inuwar baranda, ya kashe fitilar waya, ya goge gilashin kyamara, musamman da hunturu lokacin ƙura. Ya riƙe waya daidai saman takardar, kada ya karkata ta, kusurwoyi huɗu duka su fito. Sannan ya ajiye takardun na asali a ambulan har sai an gama makin an sanar da sakamako.

A karanta tukuna, sannan a buɗe jadawali

Wannan ita ce ƙa'idar da na fi so ku riƙe. Mai makin da ya san cewa amsar lamba 12 ita ce B, idan ya ga toka a B da baƙi a D, zuciyarsa za ta fara nema wa B hujja. Idan yana tausayin ɗalibi ya ba shi, idan ya gaji ko yana jin haushin ajin ya hana. Ko wanne ya yi, ba takarda ya karanta ba. Maganin wannan shi ne a raba aikin gida biyu. A zagaye na farko jadawalin amsoshi yana kife. Ka bi layi ɗaya bayan ɗaya kana rubuta abin da ɗalibi ya zaɓa a wata takarda daban: harafi idan ya fito sarai, "babu" idan layin fanko ne, "biyu" idan amsa biyu ce, alamar tambaya idan hoto ya kasa nunawa. Sai ka gama wannan za ka buɗe jadawali.

Kafin ka fara, dubi layuka goma da ba su da shakka a takardar, ka gane hannun mai ita. Wani yana dannawa, wani shafawa kawai yake yi. Wani kuma fensir mai tauri ya samu. Harafin H a jikin fensir yana nufin tauri, B yana nufin laushi da baƙi, shi ya sa ake neman HB ko 2B a jarrabawa. Mai tauri yana barin alama mara duhu amma yana huda takarda, mai laushi yana baƙi sosai amma yana bazuwa idan an goge. Ɗalibin da duk amsoshinsa toka-toka ne, tokarsa amsa ce. Wanda duk nasa baƙi ne ƙirin, toka ɗaya a cikinsu abin tuhuma ce.

Daga nan hukuncin ba shi da yawa. Alama ɗaya tak a layi, mai duhu irin na hannun ɗalibin, ana karɓarta ko da rabin gurbi ta cike. Alama biyu, ɗaya baƙa ɗaya kuma da alamun gogewa, ana karɓar baƙar. Alama biyu masu duhu ɗaya, babu shaidar kilina a kan ko ɗaya, amsa biyu ce, babu maki. Alama ɗaya tak amma gogaggiya, an janye ta, layin fanko ne. Abin da hoto ya kasa rabawa kuwa, a koma ga takarda. A rubuta waɗannan ƙa'idoji kafin a buɗe hoton farko, kuma su zama iri ɗaya ga Jega da Aliero da Maiyama.

Mu bi takarda ɗaya

Mu ƙaddara jarrabawar gwaji mai tambaya 40, kowace da zaɓi A zuwa D, maki ɗaya ɗaya, kuma sai da 20 ake ci. Malamar aji a Maiyama ta tura hoton takardar ɗaliba mai lamba 17, mai makin yana Jega. Hannun ɗalibar mai dannawa ne, amsoshinta baƙaƙe. Layi 35 sun fito sarai. Biyar suka tsayar da shi: 7, 12, 23, 31 da 36. Ya buɗa hoton da yatsu biyu ya bi su, jadawali yana kife.

A lamba 7, gurbin C kaɗai aka taɓa. Layukan fensir uku ne a gefen hagu, baƙi kamar sauran amsoshinta, gefen dama fari. Babu toka a wajen iyaka, A da B da D kuma fes. Ya rubuta C.

A lamba 12, B ya cika amma toka ne, tokar ta zarce iyaka ta nufi wajen C, harafin B ɗin ma ya kode. D kuwa baƙi ne, bakinsa a tsare. Ya rubuta D.

A lamba 23, A da C duka baƙi, duka a cike, babu wutsiyar kilina a ko'ina. Wataƙila ta yi niyyar dawowa ta goge ɗaya lokaci ya ƙure mata. Wannan zato ne, kuma ba a yin maki da zato. Ya rubuta "biyu".

A lamba 36, D kaɗai ke da alama, amma toka ce mai faɗi mai wutsiya, irin ta B a lamba 12. Ta cike, ta goge, ba ta sake zaɓa ba. Ya rubuta "babu".

Lamba 31 ce ta ƙi. C toka ne. A kuwa wani iri: tsakiyarsa fari-fari, gefensa duhu. A kallo ɗaya mutum zai ce C ya fi duhu, ya rubuta C ya wuce. Amma mai makin ya lura da abu biyu. Farar takardar da ke kewaye da layukan 30 zuwa 32 ta fi ta sauran wurare haske, alamar fitilar waya ta sauka a nan. Sannan amsoshin 30 da 32, waɗanda ba su da abokin gardama a layinsu, su ma tsakiyarsu ta yi fari. Ke nan hasken ne ke cinye baƙi a wannan yanki. Ya sa alamar tambaya, ya kira Maiyama.

"Salamu alaikum, Malama. Ya aiki, ya ɗalibai?"

"Lafiya lau, Malam. Hotunan sun iso?"

"Sun iso, sannu da ƙoƙari. Don Allah a duba mini takardar lamba 17, layi na 31. A kai ta bakin taga, a karkata ta kaɗan, a gaya mini abin da aka gani a A da C."

"To, ga ta. A a cike yake, har yana sheƙi. C kuwa an goge shi, wurin ya yi gashi-gashi."

"Madalla. A juya bayanta a shafa da yatsa."

"Duka biyun akwai tudun fensir, Malam."

"To, duka ta danna, amma C ta goge. A sake ɗauko mini hoton layin ba fitila, in haɗa da na farko."

A lura, bai gaya mata wace ce amsar daidai ba, bai kuma ce mata "ai A ne, ko?" ba. Abin da ta gani ya tambaya. A lura kuma da abin da takarda ta bayar wanda hoto ba zai iya ba. Kilina tana tayar da gashin takarda, kuma hasken da ya zo ta gefe yana nuna shi. Tudun da ke baya kuwa yana nuna an danna fensir a wurin, amma ba ya faɗin wanne aka bari, domin gogewa ba ta shafe shi. Shaidar taimako ce, ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Ya rubuta A.

Yanzu ya buɗe jadawali. A layuka 35 ɗin nan ta ci 18, ta faɗi 15, ta bar 2. Lamba 7 amsarta C, ta samu, 19 ke nan. Lamba 12 amsarta B. A nan mutum zai ji ba daɗi, domin ta fara zaɓen daidai sannan ta sauya, amma abin da ta miƙa D ne, babu maki. Lamba 23 amsarta A, tana cikin biyun da ta cike, babu maki, domin in aka ba ta, gobe kowa zai cike biyu. Lamba 36 amsarta D, wadda ta goge da hannunta, babu maki. Lamba 31 amsarta A. Jimilla 20, ta ci.

Da manhaja mai iyakar 50 aka bar wa aikin, da ta zubar da lamba 7 ta kuma rasa lamba 31, ɗaliba ta tsaya a 18 ta faɗi. Da kuma mai tausayi ne ya yi makin da jadawali a buɗe, da ya ba ta duka biyar ta tashi da 23. Wannan kyauta ba alheri ba ce gare ta. Gwaji ake yi don ta san inda take, kuma ranar babbar jarrabawa babu wanda zai duba mata lamba 12 da idon rahama. Ya kamata a mayar mata da takardar, a nuna mata layi na 23 da na 36, a ce ga maki biyu da fensir da kilina suka ci, ba rashin sani ba.

Idan takardu sun yi yawa, ba kowace alamar tambaya ce ke da gaggawa iri ɗaya ba. Lissafa makin ɗalibi sau biyu, sau ɗaya ba tare da layukan shakka ba, sau ɗaya da su duka. Wanda iyakar ci ta faɗo tsakanin lambobinsa biyu, kamar wannan mai 18 zuwa 23, da takardarsa za a fara. Sauran su biyo baya, amma kada a bar su. A gefen kowane layin shakka a rubuta hukunci da dalilinsa a taƙaice, misali "12: D, an goge B", a kuma ajiye hoton. Idan ɗalibi ya zo da ƙorafi, akwai abin da za a nuna masa. Inda ma takardar ta asali ta kasa rabawa, a ba wani malami ya karanta layin ba tare da ya san jadawali ko hukuncinka ba. In kun dace shi ke nan, in kun saɓa a ɗauke shi amsa biyu.

Wani abu kuma da yakan fito a zagaye na farko: layi fanko, sannan can gaba layi mai amsa biyu, tsakaninsu kuma, idan an buɗe jadawali, sai a ga duk amsoshi kuskure. Sau da yawa ɗalibi ya tsallake layi ne amsoshinsa suka goce. Mai makin ba ya gyara wannan da kansa. Ya yi makin yadda takardar take, ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa shugaban jarrabawar.

Aikin aji

1. Ku zana layi biyar, kowane da gurbi huɗu. Ku cike ɗaya sosai, ɗaya rabi, ɗaya ku cike ku goge, ɗaya ku cike biyu, ɗaya ku bar shi fanko. Ku ɗauki hoto sau biyu, da fitilar waya da kuma bakin taga ba fitila. Wane layi ne ya fi sauya kama tsakanin hotunan biyu?

2. Ku tura wa abokin karatu hoton taga ta hanya biyu, yadda aka saba da kuma ta Document. Ya buɗa gurbin da aka goge a kowane, ya faɗi bambancin da ya gani.

3. Gurbi yana da duhu 90 a kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, sauran fari. Wace lamba zai bayar idan aka haɗa aka raba? Gurbin da aka goge mai wane duhu ne zai ba da lamba irin tasa?

4. Wani ɗalibi a Aliero duk amsoshinsa 40 toka-toka ne. A layi na 9, B da D duka toka, amma tokar B ta tsallake iyaka. Me za ku rubuta a zagaye na farko, kuma wace tambaya za ku yi wa malamin da ke riƙe da takardar?